Rumbun Tambayoyi

A cikin ayyukan da a ke koya mana a kwalejin nan, babu wanda mu ke ganin an fi raina shi kamar rubuta tambayoyin gwaji. Malami yakan ɓata sa'o'i wajen shirya darasi, ya zana hotuna, ya tanadi duwatsu da tsinke don ƙirga, amma idan lokacin gwada yara ya zo sai ya tsaya gaban allo ya rubuta abin da ya fara faɗo masa a rai. Abin da ke fara faɗowa kuwa, kusan kullum, shi ne darasin jiya da shekaranjiya, da irin tambayar da ba ta da wuyar dubawa. Ta haka sai gwajin ya auna abin da malam ya tuna, ya bar abin da yara suka koya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka mu 'yan ajin ƙarshe muka ɗauki wata dabara, muna so mu bayyana ta ga 'yan'uwanmu da malamanmu, watau tara tambayoyi tun da wuri a wuri guda, kowace da shaidarta, har ranar da za a bukace su. Mun sa wa abin suna rumbun tambayoyi.

Dabarar ba tamu ba ce. A Ingila, a 1969, waɗansu masana biyu, Wood da Skurnik, sun buga littafi a kanta bayan sun gwada ta da malaman lissafi, kuma manyan hukumomin jarrabawa na duniya da ita su ke aiki. Namu dai ƙarami ne, na aji 5 na firamare, kuma a kan babi guda na lissafi muka gina shi, watau lissafin kashi: rabi da sulusi da rubu'i da 'yan'uwansu. Mun zaɓi wannan domin a nan ne yara suka fi tuntuɓe, a nan ne kuma zaton malami ya fi saɓa wa gaskiya.

Kayan aikin ba su da tsada. Kwali ne a yanka shi kati kati, kamar faɗin tafin hannu, da akwati mai murfi. Kowace tambaya katinta daban, ba a haɗa biyu a kati ɗaya ko da gajeru ne. A fuskar katin a rubuta lambarsa, da tambayar kamar yadda yaro zai gan ta, da amsoshin zaɓi in akwai su. A bayansa a rubuta amsar da ta ke daidai, da dalilin kowace amsar ruɗi, sa'an nan a bar fili babba, gama nan ne tarihin katin zai zauna. A gefen sama kuwa shaidu uku ne: babi, da gwaninta, da nauyi. Buhun da ba shi da shaida a rumbu, sai an kwance bakinsa a ke sanin gero ne ko dawa, kati 200 marasa shaida kuwa tarin takarda ne kurum.

To, amma kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, tilas a zauna a yanke sunayen shaidun, a rubuta su a takarda, a manna a murfin akwatin. Dalili shi ne, mutum shida in suka tara tambayoyi kowa da nasa suna, wannan ya rubuta "tarawa", wancan "haɗawa", na uku "jimla", ranar nema sai a sami sulusin abin da ke akwai, sauran su ɓuya ƙarƙashin sunayen da ba a tuna ba. Mu mun raba babin kashi gida 5. K1 shi ne ma'anar kashi, K2 kashi masu daidai da juna kamar 1/2 da 3/6, K3 gwada wanda ya fi girma, K4 tarawa da ɗebewa, K5 kuwa fitar da kashi daga adadi, kamar sulusin 24. Kowane kati gida ɗaya ya ke shiga. In tambaya ta taɓa gida biyu, sai a duba inda yaro zai fi faɗuwa a sa ta nan, a ambaci ɗayan a baya.

Shaida ta biyu, ta gwaninta, ita ce ta fi jawo gardama a tsakaninmu. Nufinta shi ne a faɗi irin aikin da tambaya ta ke nema daga kan yaro. Duk wanda ya karanta ilmin koyarwa ya san matakai 6 da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka tsara a Amirka a 1956, daga tunawa har zuwa yanke hukunci, waɗanda Anderson da Krathwohl suka gyara a 2001. Tsari ne mai kyau ga tunani, amma ga akwatin malamin firamare ya yi yawa. A ba malamai uku kati ɗaya a ce su zaɓa masa mataki cikin 6, da wuya bakinsu ya zo ɗaya, shaidar da masu sa ta ba su yarda da juna a kanta ba kuwa ba ta taimakon mai nema. Sai muka bi hanyar gwajin nan na ƙasashen duniya da a ke kira TIMSS, wanda a ke yi duk shekara 4 tun 1995, inda a ke raba tambayoyin lissafi gida 3 kaɗai. Mun kira su sani, da amfani, da hujja. Sani shi ne yaro ya tuna suna ko ya bi hanyar da aka koya masa, kamar ya tara 1/5 da 2/5. Amfani shi ne a ba shi zance irin na kasuwa ko gona, shi da kansa ya gane wane lissafi a ke bukata. Hujja kuwa ita ce ya faɗi dalili, ko ya kama kuskuren wani, ko ya warware abin da bai taɓa ganin irinsa ba.

Akwai kuma wani dalilin rage shaidu wanda lissafi ne tsantsa. Shaidu ninka juna su ke yi. Babi 5, gwaninta 3, nauyi 3, sun ba da gurbi 45. In muna son kati 4 a kowane gurbi, don a sami na canji, kati 180 ke nan, aikin mutum shida na zango guda. Da mun ɗauki babi 12, da matakan Bloom 6, da nauyi 5, da gurabun sun kai 360, mafi yawansu kuwa da sun zauna wayam har mu gama kwaleji. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

A nan muna roƙon mai karatu ya lura da abu guda, domin da yawa sukan ruɗe a kansa. Gwaninta dabam, nauyi dabam. Mutane suna zaton tambayar sani ita ce mai sauƙi, ta hujja ita ce mai wuya, kamar dai tsani. Ba haka ba ne. A tambayi yaro sunan kashi ɗaya cikin 9 da tsohuwar Hausa, ba abin da a ke nema sai tunawa, amma yara nawa ne suka taɓa jin tusu'i? A kuma tambaye shi, in an raba ƙosai ɗaya tsakanin mutum 2, wani kuma tsakanin mutum 3, wa ya fi samu, don me? Wannan hujja ce, amma duk yaron da ya taɓa rabon ƙosai da ƙannensa zai amsa ta da dariya. Bayan wannan, gwanintar kati ba ta tabbata sai an san abin da aka yi a aji. Tambayar da ta ke hujja ce ga yaran da ba su taɓa ganinta ba, in malam ya warware ta a allo ranar Litinin ya kuma kawo ta a gwajin Alhamis, ta koma sani. Don haka muka yi sharaɗi, katin da ke cikin rumbu ba a koyarwa da shi.

Yanzu sai shaida ta uku, nauyi, wadda ita ce ainihin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Babi da gwaninta malami ke sa su da hankalinsa, amma nauyi yara ke sa shi. Abin da malami ya rubuta tun farko zato ne, shi ya sa mu ke rubuta shi da fensir, ba a sa tawada sai katin ya shiga aji ya fito. Bari mu bi kati ɗaya daga farko har ƙarshe don a ga yadda a ke yi.

Mu ce kati mai lamba 47, babi K4, gwaninta sani. Tambayar ita ce, 1/2 + 1/3 nawa ne? Amsoshin zaɓi huɗu ne: A 2/5, B 5/6, C 1/6, D 2/6. Daidai ita ce B. Sauran ukun ba da ka aka zuba su ba, kowace tarko ce da aka ɗana wa wani kuskure sananne. Yaron da ya zaɓi A ya tara lambobin sama ya kuma tara na ƙasa. Wanda ya zaɓi C ko dai ya ninka ko ya ɗebe. Wanda ya zaɓi D ya gane a ke neman 6 a ƙasa, amma bai san tilas na sama su canza tare da ita ba. Malamin da ya dubi katin nan zai ga lambobi ƙanana, layi ɗaya tak, ya sa masa nauyi na 1, watau mai sauƙi.

A ce an ba yara 40. Da aka duba takardu, 17 sun zaɓi A, 14 sun zaɓi B, 3 sun zaɓi C, 6 sun zaɓi D. Lissafin nauyi shi ne a raba waɗanda suka ci da waɗanda suka gwada: 14 a raba da 40, ya ba da 35 cikin 100. Ƙa'idar da muka ajiye wa kanmu ita ce, katin da 75 cikin 100 ko fiye suka ci mai sauƙi ne, nauyi na 1. Daga 40 zuwa 74 matsakaici ne, nauyi na 2. Ƙasa da 40 mai wuya ne, nauyi na 3. Ashe kati 47 mai wuya ne, sai a goge fensir. Kuma a tuna, inda amsoshi 4 ne, ko yaro ya rufe ido ya nuna ɗaya, sau 25 cikin 100 zai dace, don haka cikin 14 ɗin nan ma ba duka ne suka iya ba. Wani abin da ya fi nauyin amfani ga malami shi ne 17 ɗin da suka taru a kan A. Wannan ya nuna masa ainihin inda ciwon ya ke, ya san gobe zai shiga aji ya tambaye su, yaya za a ƙara sulusi a kan rabi a sami 2/5, abin da bai ko kai rabin da aka fara da shi ba? Saboda haka a bayan kati ba jimlar masu ci kaɗai mu ke rubutawa ba, har da yawan waɗanda suka faɗa kowane tarko. Tarkon da aka yi gwaji biyu ko uku bai kama kowa ba, a cire shi a ɗana wani, gama ya mai da tambaya mai zaɓi 4 ta zama mai zaɓi 3.

Sai dai wuya iri biyu ce. Akwai tambayar da ta yi wuya don abin da ta ke nema yana da zurfi, akwai kuma wadda ta yi wuya don an rubuta ta a karkace. Lissafin nauyi ba ya rarrabe su, sai an ƙara wani, wanda mu ke kira tankaɗe. Ga yadda a ke yinsa. A jera takardun yara bisa jimlar makinsu a gwajin duka, daga na sama zuwa na ƙasa. A ɗebi 27 cikin 100 daga sama, a ɗebi kamarsu daga ƙasa, a ajiye na tsakiya gefe. Wannan adadi na 27 Truman Kelley ne ya nuna dacewarsa a 1939, a aji mai yara 40 kuwa takarda 11 ke nan a kowane gefe. Sa'an nan a ƙirga masu cin katin a kowane tari. A ce a kati 47, cikin na sama 8 sun ci, cikin na ƙasa 1 kaɗai. A ɗebe 1 daga 8, saura 7, a raba da 11, ya ba da 0.64. Masana gwaji sukan ɗauki 0.40 zuwa sama a kan tambaya mai kyau ƙwarai, abin da ya gaza 0.20 kuwa abin tuhuma ne. To, kati 47 ya yi wuya, amma wuyarsa ta gaskiya ce, rariya ce da ke raba gari da tsaki. A mai da shi rumbu da tawada.

Ga wani kuma, kati 112, babi K4, gwaninta amfani. An rubuta: "Manomi ya sayar da rabin hatsinsa, sa'an nan ya ba da rubu'insa sadaka. Wane kashi ya rage masa?" Mai rubutawa yana nufin rubu'in hatsin duka, amsarsa 1/4. A ce cikin na sama 11, mutum 4 suka ci, cikin na ƙasa kuwa 6. Tankaɗe ya fito ƙasa da sifiri, watau raunana sun fi gwanaye ci. Duk inda aka ga haka, kada a zargi yara, a koma ga katin. Ko dai amsar da aka rubuta a baya kuskure ce, ko kuwa maganar tana da fuska biyu. A nan laifin na ɗan "sa" ɗin nan ne da ke wutsiyar "rubu'insa". Rubu'in me? Yaro mai lura ya ce ai mutum ba ya sadaka da abin da ya riga ya sayar, sai ya ɗauki rubu'in rabin da ya rage, watau 1/8, ya sami saura 3/8. Lissafinsa daidai ne, hankalinsa ma ya fi na tambayar, amma jan alƙalami ya soke shi. Maganin shi ne a sake rubutawa, a ce "rubu'in dukan hatsin da ya noma". Amma da zarar an taɓa kalma ɗaya, katin ya zama sabo, a ba shi sabuwar lamba, tsohon tarihinsa ya bi tsohon katin, domin ƙididdigar da aka tara a kan wata magana ba ta shaidar wata.

Wajibi ne mu faɗi iyakar wannan awo, kada a ɗauke shi kamar sikelin zinariya. Yara 40 kaɗan ne. Bisa ƙa'idar ƙididdiga, 35 cikin 100 da aka samu daga mutum 40 yana iya kauce wa gaskiya da kamar 15 sama ko ƙasa, watau wani aji mai kama da wannan zai iya ba da 20 ko 50. Don kuskuren ya ragu da rabi kuwa, sai an ninka yawan yara sau 4. Shi ya sa ba mu goge tsohon sakamako, kowane gwaji layinsa daban a bayan kati, da kwanan wata da sunan aji, ana tarawa. Kuma nauyi ba halin tambaya kaɗai ba ne, tsakaninta ne da waɗanda suka amsa. Katin da ya yi wa aji 5 wuya a farkon zango zai iya zama wasa a ƙarshensa. Manyan hukumomi suna warware wannan da lissafi mai zurfi, irin wanda Georg Rasch, mutumin Denmark, ya bayyana a 1960, inda a ke auna wuyar tambaya da ƙarfin yaro a ma'auni ɗaya. Mu namu maganin shi ne mu ɗauki nauyi daga gwajin da aka yi bayan an gama koyar da babin kaɗai. Wani ƙaramin abu kuma, tambayar da ta zo a ƙarshen takarda takan fito da wuyar ƙarya, don lokaci ya ƙare kafin yara su iso ta. A nan sai a raba da yawan waɗanda suka kai gare ta, a bar ƙirga da ajin duka.

Harshe ma yana da nasa nauyi a ɓoye. Tambayar amfani ɗaya, a rubuta ta da Hausa a kuma rubuta ta da Turanci, ba lalle yara su ci su daidai ba, domin a ta biyun an gwada karatu kafin a gwada lissafi. Mu muna ɗaukarsu kati biyu ne, kowane da tarihinsa, muna kuma sa ɗan harafi a kusurwa don a san harshen.

Ranar haɗa gwaji ita ce ranar cin moriyar wahala. Ba akwati a ke fara buɗewa ba, jadawali a ke fara zanawa. A ce muna son tambaya 20 a kan K3, K4 da K5. Sai mu raba su bisa yawan darussan da kowane ya ci: 6, da 8, da 6. Ta wajen gwaninta mu ce sani 8, amfani 8, hujja 4, wanda shi ne rabon da TIMSS ke bi a lissafin aji 4, watau 40, 40 da 20 cikin 100. Ta wajen nauyi mu ce masu sauƙi 6, matsakaita 10, masu wuya 4, a fara da masu sauƙi don hannun yaro ya saki. Sa'an nan a je gurbi gurbi a zaro. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, tun yara ba su zauna ba a ke iya kintata makin da ajin zai samu, ta hanyar tara nauyin katunan. In masu sauƙin nan 6 kowanne 85 cikin 100 ke cinsa, sun kawo 5.1. Matsakaita 10 a kan 55 sun kawo 5.5. Masu wuya 4 a kan 30 sun kawo 1.2. Jimla 11.8, watau a sa ran tsakatsakin ajin ya faɗa kusa da 12 cikin 20. In makaranta tana da aji 5A da 5B, ɗaya na zama da safe ɗaya bayan tara, sai a zaro takarda biyu daga jadawali guda, tambayoyi dabam dabam amma jimlar nauyinsu kusan ɗaya, labarin da aka kai lokacin tara ya tashi a banza. Gwajin da a ke yi don a ga ko kowa ya kama tushe kuwa, kafin a wuce gaba, jadawalinsa dabam ne, masu sauƙi ne za su fi yawa, ba kuma a korar kati a irinsa don tankaɗensa ya yi ƙasa, tun da burin shi ne kowa ya ci.

Jadawalin nan yana da wani aiki kuma, shi ke tona asirin rumbu. Duk wanda ya ƙirga katunansa gurbi gurbi zai ga sun cunkushe a wajen sani, gurabun hujja kuwa sai ƙura, musamman hujja mai sauƙi, domin tambayar sani a ke rubutawa cikin minti ɗaya, ta hujja kuwa sai an yi tagumi. Daga nan sai aikin tarawa ya canza. Maimakon a ce kowa ya kawo tambaya 10, sai a ce wane, kawo mana 3 na K3, hujja, masu sauƙi.

Akwai katunan da ba a haɗa su a takarda ɗaya, mun sa musu suna kishiyoyi. Kati 12 yana tambaya sudusi nawa ne a cikin rabi, kati 31 kuwa ya fara da cewa "tun da 1/2 daidai ya ke da 3/6". Kowanne shi kaɗai lafiya lau ne, amma in suka zauna ɗaki ɗaya, na biyun ya ba da amsar na farkon kyauta. Haka kuma tagwaye, watau tambaya ɗaya da aka canza wa lambobi kurum, gama sa su tare biyan yaro ne sau biyu a kan abu ɗaya. Lambar kishiya a ke rubutawa a fuskar katunan duka biyu, mai zarowa ya duba kafin ya kwafa.

Wanda ya ke da kwamfuta yana iya zuba wannan duka a cikin Excel ko makamancinsa, kowane kati layi ɗaya:

```
lamba,babi,nauyi,gwaninta,amsa,gwada,ci,kishiya
12,K2,1,sani,C,40,33,31
47,K4,3,sani,B,40,14,
```

Ƙirga abin da ke cikin gurbi kuwa layi ɗaya ne, misali hujja masu sauƙi a K3:

```
=COUNTIFS(B:B,"K3",C:C,1,D:D,"hujja")
```

Manhajar Moodle ma tana da rumbunta, tana karɓar shaidu, tana kuma iya zaro wa kowane yaro tambaya da ka daga gurbin da aka nuna mata. Sai dai a yi hattara da wannan zarowa. In gurbin ya haɗa katin da 80 cikin 100 ke ci da wanda 30 ke ci, yara biyu za su zauna gwaji mai suna ɗaya, ɗaya ya hau tudu ɗaya ya bi gangare, a kuma jera makinsu a takarda guda. Inji ba ya gyara shaidar da aka sa ba daidai ba, gaggauta yaɗa ta ya ke yi. Ga makarantar ƙauye da yawancinmu za a tura, inda wuta ba ta da tabbas, mu akwatin kwali muka fi amince wa, in dai an tsare shi daga gara da damina.

Saura maganar tsufan kati. Duk lokacin da aka yi amfani da shi a rubuta ranar, a kuma bar shi ya huta, kada aji ɗaya ya gan shi sau biyu a shekara. Yara suna da ƙanne, tsofaffin littattafai kuma suna yawo a gari. Alamar katin da ya fita waje a bayyane ta ke: wanda shekara biyu 35 ko 40 cikin 100 ke cinsa, bana ya tashi zuwa 90, alhali 'yan'uwansa na gurbi ɗaya suna nan inda su ke, tankaɗensa kuma ya faɗi don na ƙasa sun ci kamar na sama. In koyarwa ce ta gyaru, da gurbin duka ya tashi tare. Irin wannan kati ba a yaga shi. A ja masa jan layi a kusurwa, a fitar da shi daga rumbu zuwa wata 'yar jaka ta aikin aji, inda malam zai koyar da shi a allo yadda ya ga dama, a kuma rubuta wani a gurbinsa da sabuwar lamba, nauyinsa da fensir.